Kafin motar haƙa ta shigo gari: yadda ake tantance masu ruwa da tsaki a aikin rijiyar burtsatse

Idan ƙaramar ƙungiya ta je neman tallafin haƙa rijiyar burtsatse, a cikin takardun da ake ba ta akwai shafin da aka ce a lissafo masu ruwa da tsaki. Sau da yawa sakatare ne ke cike shi da daddare, ana gobe za a rufe karɓa. Sai ya jero su: hakimi, dagaci, limamai, ƙaramar hukuma, matasa, mata, al'umma. Layi bakwai, gaban kowanne an rubuta "yana goyon baya". Ni dai duk sanda na ga takarda irin wannan, na san ba a fara aikin ba tukuna. Babu yadda za a yi a kawo ruwa cikin gari a ce ba wanda zai yi asara. Idan jerinka ba ya ɗauke da ko mutum ɗaya da aikin zai taɓa wa aljihu ko girma, to sunayen waɗanda za a ba kujera ranar buɗewa ka rubuta.

Mai ruwa da tsaki shi ne duk wanda aikin zai shafa, ya amfane shi ko ya cutar da shi, da duk wanda ke da ikon tura aikin gaba ko taka masa birki. Tantance su kuwa yana nufin a san su ɗaya bayan ɗaya, a san abin da kowa ke tsoro da abin da yake kwaɗayi, sannan a bar wannan sanin ya sauya tsarin aikin tun ba a kashe kuɗi ba. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni. Binciken da bai sa an matsar da famfo ba, bai sa an sauya lokacin taro ko tsarin biyan kuɗi ba, ado ne kawai a fayil.

Mu ƙaddara wani gari a ƙasar Daura, a ce wajen Sandamu ko Mai'aduwa. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, don lissafi ya fito fili. Garin yana da gidaje 180, kowane gida a ɗauka mutum takwas, jimla mutum 1,440. Akwai tsohuwar rijiya ɗaya da ke janyewa da bazara, akwai famfon tuƙa-tuƙa da ya daɗe a lalace, akwai rugar Fulani a bayan gari. Ƙungiyar mutum tara ce, 'yan asalin yankin, galibinsu malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke zaune a cikin Daura. Sun samu kuɗin rijiya ɗaya mai aiki da sola, da tanki, da bakin famfo shida.

Abu na farko shi ne lissafin ruwan kansa, domin shi zai nuna inda rigima za ta ɓullo. Ma'aunin da masu aikin ruwa suka saba ɗauka a karkara shi ne lita 20 ga kowane mutum a rana. Mutum 1,440 ke nan suna buƙatar lita 28,800. A ce an gwada rijiyar an ga tana ba da lita 3,000 a awa, rana kuma tana tuƙa injin sosai na awa bakwai: lita 21,000, wato jarka 840 mai cin lita 25. Idan aka raba wa gidaje 180, kowane gida bai kai jarka biyar ba. To ga shanu 200 a ruga, kowace saniya tana iya shan lita 30 a tsakiyar bazara. Jarka 240 ke nan sun tafi, saura 600, kowane gida jarka uku da 'yan kai. Tun ba a haƙa ba ka riga ka san ruwan ba zai ishi kowa ba, kuma ka san cewa wanda ke riƙe da makullin famfo zai zama babban mutum. A Daura ma ba baƙon zance ba ne. A labarin Kusugu ai ruwa na nan a rijiya, matsalar ita ce wa ke yanke ranar da za a ɗiba.

Daga nan sai neman mutane. Ba a ofis ake samun su ba. Hanyar da ta fi arha, kuma ta fi fito da gaskiya, ita ce mutum biyu daga ƙungiya, mace da namiji, su je bakin tsohuwar rijiya tun bayan sallar asuba su zauna har hantsi, su dawo da la'asar, su yi haka kwana uku. Su ƙirga su wa ke zuwa, da me suke ɗiba, ina suke kaiwa. A gari irin wannan abin da za su gani shi ne yara mata da maza, almajirai, 'yan ga-ruwa da kurarsu, tsofaffin mata, sai makiyaya idan rana ta take. Magidantan da suka cika taron ƙofar fada da wuya ka ga ɗayansu da guga a hannu. Matan aure kuwa, waɗanda su ne suka san jarka nawa gida ke ci, yawancinsu suna cikin kulle, ba ka ganin su a rijiya, ba ka ganin su a taro.

Bayan kallo sai tambaya, kuma kowane rukuni a keɓe. Duk wanda aka gama magana da shi a rufe da tambaya ɗaya: wa kuma ya kamata mu gani? Ana ci gaba har sai sunayen sun fara maimaita kansu. Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. Idan ka ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, akwai wanda ba ya son wannan aiki?" amsar da za ka samu ita ce, "Haba, wa zai ƙi ruwa? Allah dai Ya saka muku da alheri." Bai yi maka ƙarya ba, tambayarka ce ba ta da ƙofa. Amma idan ka ce, "Ranka ya daɗe, wancan famfon tuƙa-tuƙa, ranar da ya lalace wa aka fara gaya wa, kuma kuɗin da aka tara a hannun wa suke?" to yanzu ka taɓo tarihi. Mataccen famfo shi ne babban malamin ƙungiya a kowane gari. A jikinsa za ka ji wanda ya riƙe kuɗi aka daina yarda da shi, da unguwar da ta ce ba da ita aka yi shawara ba don haka ba za ta biya ba, da makanikin da aka ci masa kuɗin gyara ya rantse ba zai sake zuwa ba. Duk waɗannan mutanen suna nan da ransu, kuma sabuwar rijiya za ta gaji rigimarsu.

Kowane suna da ya fito, ana yi masa tambayoyi huɗu a takarda. Me zai samu? Me zai rasa? Ta wace hanya zai iya tsayar da aikin ko ya kashe shi? Maganar wa yake ji? Ta huɗun ita ce ƙananan ƙungiyoyi suka fi mantawa, alhali ita ce mabuɗi, domin ƙungiyar mutum tara ba ta da ƙarfin shawo kan kowa da kanta. Dole ta bi ta bakin wanda ake jin maganarsa.

Mu fara da mai fili, don shi ne ya fi saurin kayar da aiki. Ba dagaci ke zaɓar inda za a haƙa ba, masu auna ƙasa ne ke nuna inda ake sa ran samun ruwa, kuma sau da yawa wurin yakan faɗa cikin gonar wani. A misalinmu ya faɗa a gefen gonar wani dattijo. Aka kira shi gaban dagaci da liman, ya ce ya bayar saboda Allah. Kowa ya yi kabbara, sakatare ya rubuta "an samu fili". Sai dai da ma'aikaciyar ƙungiya ta shiga cikin gidan gaida mata, ta tambayi wata tsohuwa, "Inna, gonar nan ta Baba ce shi kaɗai?" sai tsohuwar ta ce, "Ta gado ce, 'yar nan, ba a raba ba. Akwai ƙaninsa a Kano, akwai mu mata biyu." To ka ga mutum ɗaya ya zama huɗu. Dattijon ya yi kyauta da abin da ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma a gaban jama'a ya yi, inda kunya ba za ta bar shi ya ce a dakata ba. Yau fili ne mara daraja. Ranar da tanki ya hau, ruwa ya fara kawo kuɗi, ƙanin da ke Kano zai dawo ya ce a gonar ubansa aka yi gini, kuma yana da gaskiya.

Maganin wannan rubutu ne. A auna filin taku nawa ne, har da hanyar shiga, a rubuta cewa kyauta ce ko waƙafi ga al'ummar gari, duk magada maza da mata su sa hannu ko su dangwala, dagaci da liman su zama shaidu. A kai kwafi ofishin hakimi, a kai wa ƙaramar hukuma, tunda a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakar fili irin na gargajiya a wuraren da ba birni ba. Sannan a tambayi iyalin a keɓe me suke sa rai. Yawanci ba kuɗi ba ne: ruwa kyauta ga gidansu, ko a ɗauki ɗansu gadi. Gara a ji shi yanzu a amince ko a ƙi a rubuce, da a bar shi a zuci ya zama "ai rijiyarmu ce".

Sai 'yan ga-ruwa, waɗanda kusan ba a taɓa sa su a jerin farko. A garin namu su shida ne. Kowannensu yana tura kura mai jarka goma zuwa wata rijiyar burtsatse ta ɗan kasuwa a garin maƙwabta, sawu huɗu a rana, ya sayar da jarka a kan naira 50. Jarka 40 ke nan, cinikin naira 2,000 a rana kafin ya cire abin da ya biya a can. A takardar neman tallafi an rubuta cewa aikin zai raba mutane da sayen ruwa. A kunnen ɗan ga-ruwa wannan jimla tana nufin za a raba shi da abincinsa. Ba shi da sarauta, ba ya zama a majalisar dagaci, wataƙila ma baƙo ne ɗan ci-rani. Amma shi ne ke shiga kowane gida a kowace rana. Idan ya ce wa matan gida ruwan sabuwar rijiya yana da gafi, ko ba ya kumfa, maganarsa za ta riga ta ƙungiya isa tsakar gida. Ba sai ya taɓa famfo ba.

Idan aka duba da kyau kuma, ba dole ne ya yi asara ba. Gidan da matansa ke kulle, yaransa kuma suna makaranta da safe, har gobe yana buƙatar mai kawo masa ruwa ƙofa. Abin da zai sauya shi ne nisa. Don haka sai a ware wa 'yan ga-ruwa bakin famfo ɗaya da lokacinsu, kada su yi layi da yara a yi ta faɗa, a sayar musu jarka a kan naira 10, su kuma a yi yarjejeniya su sauke farashi tunda tafiyar ta ragu. Jarka 240 a rana a kan naira 10 naira 2,400 ce, a wata 72,000. Mutanen da aka ɗauka abokan hamayya sun koma manyan masu zuba kuɗi a asusun gyara, kuma ranar da injin ya tsaya su ne za su fara buga waya. A lura kuma, bin sawunsu ya fito da wani sabon suna: ɗan kasuwan garin maƙwabta da zai rasa cinikin jarka 240 kullum. Shi kam ba abin da ƙungiya za ta iya ba shi. Abin da za ta iya shi ne ta san da zamansa, ta san ko surukin wani ne a cikin kwamitin kula da rijiyar.

A nan ne nake da ja da allon nan da ake koyarwa a bita, wanda ake zana gida huɗu: masu iko da yawa da masu kaɗan a gefe guda, waɗanda abin ya dame su sosai da waɗanda bai dame su ba a ɗaya gefen. Ana cewa mai iko da abin ya dame shi a tafi da shi kafaɗa da kafaɗa, mai iko da bai damu ba a kiyaye ransa, mara iko da abin ya dame shi a riƙa sanar da shi, sauran a sa musu ido. Allon yana da amfani, yana hana ƙungiya ɓata makonni uku tana zarya wurin wanda ziyara ɗaya ta ishe shi. Hakimi misali: a je a yi gaisuwa, a gabatar da takarda, a sanar da shi kafin mota ta shigo da kafin buɗewa. Bai buƙaci a tattauna farashin jarka da shi ba, amma idan ya ji labarin aikin a bakin wani, dagacin da ke ƙarƙashinsa zai ja jiki nan take.

Matsalar allon ita ce iko iri ɗaya yake aunawa, ikon da ake gani a ƙofar fada. Matan gida za su faɗa gidan "a riƙa sanar da su", 'yan ga-ruwa ma haka. Alhali iko iri biyu ne a aikin ruwa. Akwai ikon hana a fara, wannan yana hannun hakimi, dagaci, mai fili da ƙaramar hukuma. Akwai kuma ikon kashe aiki a hankali bayan an buɗe, ba tare da an ɗaga murya ba, wannan yana hannun masu amfani da ruwan da masu biya. Matar da ta ga cewa hanyar famfon tana bi ta gaban majalisar samari ba za ta rubuta ƙorafi ba, za ta daina aika 'yarta ne kawai. Gida talatin su yi haka, kuɗin shiga ya faɗi, ranar da sumo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin rijiya, ya ƙone a tarar asusu babu komai. Shi ya sa nake ganin a zana allon sau biyu: ɗaya na kafin haƙa, ɗaya na ranar lalacewar farko. Sunayen da ke sama a na farko yawanci suna ƙasa a na biyu.

Jin ta bakin matan yana da hanyarsa. Kiran su taron ƙofar fada ba ya aiki. Ko sun zo, za su zauna a baya su yi shiru. Mace ce za ta bi su, da izinin masu gida, kuma wurin da ya fi sauƙi shi ne makarantar Islamiyya ta matan aure, ko gidan da ake zubin adashi, ko ta hannun ungozoma. Uwar adashi ma abin lura ce ta wani fannin: ita ce mutumin da gari ya riga ya gwada da kuɗi shekara da shekaru. Idan ana neman ma'ajin kwamiti, ga wadda aka riga aka yarda da ita, maimakon a ɗauko ɗan wani babba don kawai ya iya rubutu.

Makiyaya kuwa a layi ɗaya ake rubuta su, "Fulani", a sa sunan arɗo a gaba, a wuce. Amma aƙalla kashi uku ne. Akwai mazauna rugar da suka shekara da shekaru a nan, waɗanda arɗo ke magana da yawunsu. Akwai masu wucewa da ke sauka bayan girbi su ci karan gonaki su ƙara gaba, waɗanda arɗon nan ba shi da iko a kansu. Na uku kuma ba Fulani ba ne sam: mutanen gari ne da suka ba da kiwon shanunsu a ruga. Idan ka bincika garken nan na 200, kada ka yi mamaki ka tarar wasu na masu faɗa a ji ne a cikin gari. Saboda haka dokar "ba a shayar da dabba a famfo", wadda taro zai amince da ita baki ɗaya, ba za ta kai wata biyu ba, kuma wanda zai fara karya ta ba daga ruga zai fito ba.

Lissafin da muka yi tun farko ya nuna rijiyar ba za ta ɗauki mutane da shanu gaba ɗaya ba. To a nan bincike ya kamata ya taɓa kasafin kuɗi. Maimakon bakin famfo shida, a yi huɗu, a ɗauki rarar a yashe tsohuwar rijiya a gyara bakinta a yi mata kwami, ta zama ta dabbobi tunda mutane za su sauka daga kanta. Mutanen ruga su samu ruwan sha a famfo kamar kowa, da wakilinsu a kwamiti. A kuma duba ta ina shanu za su bi su isa kwamin da damina, domin idan babu burtali sai ta cikin shuka, ka haƙa rijiya ka kuma haƙa rigimar manomi da makiyayi a wuri ɗaya.

Akwai waɗanda ba za ka same su ba sam idan ka yi bincike a lokacin da ya fi dacewa da haƙa. Da rani ake son haƙa rijiya, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai, mota kuma tana iya shiga gona ba ta taka shuka ba. Amma a daidai lokacin ne magidanta da samari da yawa suka tafi ci-rani. Su ne masu aiko da kuɗin da za a sayi ruwan, kuma za su dawo da faɗuwar damina su tarar an kafa kwamiti an yanka farashi ba da su ba. A nemi lambobin uku ko huɗu daga cikin waɗanda ake jin maganarsu, a kira su. Ko ranar taro ma abin dubawa ce: wanda ya sa taro ranar Lahadi a garuruwan da ke cin kasuwar Mai'aduwa, tsofaffi da yara zai tarar.

Limamai ba su da wuyar sha'ani a kan ruwa, sai dai idan gari yana da masallatai biyu, na 'yan ɗariƙa da na 'yan Izala. A nan kuskuren da ake yi ƙarami ne: a ba liman ɗaya sanarwa a manta da ɗayan, ko a kafa famfo jikin masallaci ɗaya. Daga ranar rijiya ta samu ɓangare. Kansila ma haka, ta fuskar siyasa. Yana da amfani, shi ne zai buɗe maka ƙofar sashen ruwa na ƙaramar hukuma, amma idan ya tsaya a gaban tanki ya yi jawabi kamar shi ya kawo, 'yan ɗaya jam'iyyar za su ce to ya gyara abinsa idan ya lalace. A gayyace shi, a gode masa da bakin shugaba, a kuma faɗi a fili daga ina kuɗin suka fito. Hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jihar Katsina, wadda aka fi sani da RUWASSA, da ma'aikatan ruwa na ƙaramar hukuma, a je musu tun kafin a auna ƙasa. Suna iya sanin zurfin rijiyoyin da aka haƙa a yankin da waɗanda aka haƙa ba a samu ruwa ba, kuma suna iya gaya maka ko garin yana cikin jerin wani aikin da ke tafe, kada a tara rijiya biyu a gari ɗaya maƙwabta suna shan tabki.

Sunaye biyu ne ba a son rubutawa: mai ba da tallafi, da ƙungiyar kanta. Mai tallafi yana da wa'adin rufe asusu, yana son hoto da rahoto kafin ƙarshen zango. Wannan gaggawar ce ke sa a tsallake neman sa hannun magajin da ke Kano. Idan an rubuta ta a matsayin buƙatarsa, ana iya zama da shi a nemi ƙarin mako uku da hujja a hannu. Ita kuma ƙungiya ta tambayi kanta abin da take tambayar kowa. Me ya sa wannan garin, ba na gaba da shi ba? Idan amsar ita ce garin kakannin shugaba ne, ba laifi ba ne a kan kansa, amma mutanen yankin sun riga sun sani, kuma da wannan idon za su kalli duk wanda aka ba gadi ko kwangilar ginin gindin tanki.

Takardar da aka tara duk wannan a ciki abin tsarewa ce. A rubuta buƙatun mutane, kada a rubuta halinsu. "Yana tsoron rasa ciniki" magana ce da za ka iya karanta wa mai ita a gabansa. "Mai son zuciya ne" kuwa, ranar da takardar ta faɗa hannun wani a gari, ƙungiya ta gama aiki a wannan yanki. Wadda za a aika wa mai tallafi ma a cire sunaye, a bar matsayi.

Ana gane bincike bai yi ba tun kafin rijiya ta nuna. Idan duk tattaunawar a zaure ɗaya aka yi ta, bai yi ba. Idan 'yan kwamitin da aka kafa duk daga unguwa ɗaya suke, ko babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ɗibar ruwa ko biyan ɗan ga-ruwa da hannunsa, bai yi ba. Bayan buɗewa kuma littafin kuɗi ne ke magana. Raguwar ciniki da damina ba abin tsoro ba ne, mutane na tarar ruwan sama. Amma idan a tsakiyar bazara ciniki ya faɗi alhali tanki na cika, akwai rukunin da ya janye. A koma bakin famfo a zauna kwana uku kamar yadda aka yi a tsohuwar rijiya, a ƙirga daga wace unguwa jarkoki ke zuwa. Unguwar da ba a ga yaranta a layi ba, can za a tura ma'aikaciyar ƙungiya ta shiga gidaje ta tambaya.